Cigiyar Raƙumi a Layin Farko

Raƙumin ya shigo rayuwar Firdausi ne ta bayan gida, ta inda dangar kara ta ɗan kwanta. Ta fito da safe za ta tsinki zogale, sai ta tarar an riga ta. Wani zabgegen amale ja, da guntuwar akala tana lilo a wuyansa, ya miƙa kai can ƙololuwar bishiyar yana zage ganye da leɓɓansa, hankali kwance, kamar shi ya shuka.

Ta kurma ihu. Raƙumin ya dube ta, ya ci gaba da tauna.

Gidansu na bakin garin Isa, inda gidaje ke ƙarewa gonaki su fara. Mijinta, Malam Abdulgani, malamin firamare ne, kuma shi ne magatakardan ƙungiyar manoman unguwa. Mutum ne mai son a yi komai bisa ƙa'ida. Ya sa riga, ya kama akala, ya ja dabbar har ƙofar gidan mai unguwa Ɗanmusa. Mai unguwa ya zagaya raƙumin, ya dubi lalas ɗin da ke cinyarsa, ya ce bai san mai wannan shaida ba. Ya ce zai sanar da hakimi da 'yan sanda, a kuma yi shela a masallaci da kasuwa.

"To ina za a aje shi?" in ji Abdulgani.

"Inda Allah ya kai shi mana. Kai ad da hili bayan gida. Ka riƙe amana, Malam, mai shi na nan tahe."

Haka raƙumi ya dawo gidan Firdausi da izinin hukuma.

An yi shela a masallacin Juma'a, an yi a kara, wurin cinikin dabbobi, ranar kasuwa, shiru. Shi kuwa baƙo bai yi baƙunta ba. Firdausi sana'arta busasshen zogale da yajin daddawa, tana ƙullawa a leda, ta tallata a shafinta na Fesbuk, ta ba direbobin bas su kai wa masu saye Sakkwato. Bishiyoyin nan na bayan gida su ne jarinta. An ɗaure raƙumin nesa da su, ya tsinke igiya. An yi masa dabaibayi, ya koyi tsalle da shi. Da ya gama da na sama ya sauko kan wanda ta shanya a tabarma. Ya ci harawar da aka tara wa tumaki, ya ci dusa, ya tauna mata kallabi guda da ta shanya. Ga ruri, ga wari, ga ƙuda. Tumakin kansu sun daina zuwa wannan ɓangaren gidan.

"Malam," ta ce wata safiya, "mai raƙumin ga ba ɗan Isa na ba. Da ɗan Isa na, da ya jiya. A sa shi ga waya, 'yan Sabon Birni da na ƙetare su gani."

Akwai wani zaure a Fesbuk mai suna Gobir Ta Gabas A Yau, inda mutanen Isa da Bafarawa da Sabon Birni, har da na cikin Nijar, ke zuba labarai. Ta ce bari ta rubuta. Ya ce a'a, wannan maganar hukuma ce, ba tallar yaji ba, shi zai rubuta da hannunsa.

Ya yi wanka, ya sa farar shadda da hular da yake zuwa ɗaurin aure da ita. Ya tsaya gefen raƙumi, ya ɗora hannu a wuyansa, ya ce ta ɗauke su hoto don mutane su ga tsayin dabbar. Sannan ya zauna a tabarma ya yi ta latsa waya har shayinsa ya huce. Da ya gama ya tura, bai nuna mata ba.

Sai da azahar ta samu sabis ta buɗe zauren. Ga hoton, ga Malam yana murmushi. A samansa ga abin da ya fito:

"Bismillahir Rahmanir Rahim.

Bayan gaisuwa mai yawa ga iyayenmu da malamanmu da ɗaukacin al'umma, cikin ikon Allah, wannan raƙumi da kuke gani Allah ya kawo mana shi gida…"

Daga nan sai 'yar kalmar nan mai dishi-dishi, "Duba ƙari".

Ta danna. Rubutu ya zubo kamar an kwance buhu. Ya yi bayanin muhimmancin riƙon amana, ya gode wa mai unguwa, ya gode wa hakimi, ya ja hankalin matasa. Can ƙasa, bayan ta ja yatsa sau biyu, ta ga inda ya ce raƙumin tsintuwa ne, ana neman mai shi.

Ta sauka kan sharhin mutane. "Masha Allah, Allah ya sanya alheri." "Allah ya sa na aikin Hajji ne." "Malam an shigo gari!" "Allah ya tsare shi daga ɓarayi." Amin, amin, amin, har ƙasa. Ba mutum ɗaya da ya ambaci tsintuwa.

Ta same shi a zauren gida yana gyaran takardun jarrabawa, ta miƙa masa wayar.

"Kin gani ko?" ya ce, fuskarsa cike da fara'a. "Tun da nike rubutu ban taɓa samun mutane haka ba."

"Malam, karanta abin da sunka ce. Barka suka yi maka. Sun aza saye kay yi."

"Ai na yi bayani ciki."

"Ciki ina? Wa ash shiga cikin? Abin ga layi biyu ko ukku shika nunawa, shi yanke saura. Kai ko ka ba Bisimilla layi guda, ka bar layi guda hili ba komi, shi ma an lissafa shi. Abin da yar rage ka cika shi da gaisuwa. Inda anka yanke kuwa, Allah ya kawo muna raƙumi gida. Ni ma da ban san zancen ba barka za ni yi ma."

Ya cire tabarau. "To laihina na in mutane ba su karatu? Dannawa guda ta, Firdausi. Guda! Mutum shi ga magana ba ta ƙare ba, ba shi dannawa?"

"Ba shi dannawa sai in ka ba shi dalili."

Ta san abin da take faɗa, don ta sha wuyarsa. Lokacin da ta fara talla, ita ma da sallama da fatan an tashi lafiya take buɗewa, ta wuni ba kira ko ɗaya. Sai da ta lura da yadda ita kanta take yi in tana duba waya: yatsa na gudu, ido na lasar layin farko, in bai kama ta ba ta wuce. Daga ranar ta koma fara rubutu da abin da ke cikin ledar da inda za a same shi.

Abdulgani ya ce shi ba zai fara magana da jama'a ba sallama ba sunan Allah kamar wanda aka koro. In ita ta saba da haka wurin sayar da yaji, shi ba tarbiyyarsa ba ce. Firdausi ta juya ta koma ciki. Ta tarar raƙumi ya zura kai ta saman danga yana shinshinar tukunyar miya.

Washegari kawun Abdulgani ya aiko daga Bafarawa, wai a ara masa raƙumin ya kwaso dawa daga gona. Wata gwaggonsa ta zo da kanta, ta zauna ta yi fushi, ta ce an yi arziki an ɓoye mata sai a bakin jikoki ta ji. Firdausi ta yi bayani har muryarta ta dushe. Gwaggo ta saurara, ta gyaɗa kai, da za ta tafi ta ce Allah ya ƙara na biyu.

Duk wannan abin dariya ne a kan wanda ya biyo baya. Da la'asar wasu mutum biyu daga cikin 'yan sa-kai masu tsaron gari suka yi sallama. Ba su zauna ba. Babbansu ya ce sun ga hoto, kuma ana ta magana a tasha: malamin firamare, a wannan zamani da ake kore dabbobin mutane a daji, ina ya samu amale kamar wannan? Wa ya sayar masa? A wace kara?

Firdausi na bayan ƙofa tana ji. A ƙasar nan irin wannan tambaya ba ta wasa ba ce. Abdulgani ya fiddo waya, ya danna, ya ja rubutun ƙasa, ya ƙara ja, ya nuna musu wurin. Babban ya karanta a hankali yana motsa baki.

"To Malam, mi as sa ba ka hwaɗi haka tun sama ba?"

Sai da aka kira mai unguwa ya zo ya ba da shaida kafin suka tafi.

Da Abdulgani ya shigo bai dube ta ba. Ita ma ba ta ce ai na faɗa maka ba, amma yadda ta ajiye masa kwanon tuwo ya faɗa. Ya ce, yana kallon bango, in tana ganin ta iya, ta rubuta.

Nan Firdausi ta yi nata kuskuren, kuma ta yi shi da ƙarfinta. Haushi na cinta, tana so ta nuna masa yadda ake kama ido. Da safe ta ɗauki bidiyon raƙumin, ta zagaya shi gaba da baya yana tauna reshen zogalenta na ƙarshe mai ganye. Ta san rubutun da ke ƙarƙashin gajeren bidiyo ya fi saurin yankewa, wani lokaci layi ɗaya kawai ake gani, don haka ta zuba duk dabararta a 'yan kalmomin farko:

"Wa ke son raƙumi? Ga shi nan ya ishe mu…"

A ƙasa ta yi bayani tsaf, cewa tsintuwa ce, mai shi kaɗai ake nema, ta sa lambarta. A lissafinta, duk wanda ya ga wannan tambaya dole ya danna.

Sun danna kuwa, amma ba don su karanta ba. Sun danna, idonsu ya tsallake bayanin ya dira kan lamba.

Kafin azahar wayarta ta yi zafi kamar dutsen guga. Wani daga Gusau ya ce yana so, a riƙe masa. Wani mahauci daga Shinkafi ya tambayi ko yana da ƙiba. Wata mata ta ce ita marainiya ce, in sadaka ake yi ta fi kowa cancanta. Wani ya kira don kawai ya ji ko da gaske ne. Bidiyon ya fita daga zauren Gobir ya shiga wasu zaurukan da ba ta taɓa jin sunansu ba. Hajiyar da ke sayen yajinta a Sakkwato ta yi ta nema ba ta samu layi ba, ta aiko da saƙo mai zafi ta bakin direba.

"Ba kyauta na ba!" Firdausi ke faɗa wa waya, tana tsaye tsakar gida da muciya a ɗaya hannun. "Ba saidawa aka ba! Ka karanta ƙasa! Ƙasa nic ce!"

Abdulgani na zaune yana alwala. Bai ɗago ba ya ce, "Dannawa guda ta."

Ta dube shi kamar ta jefa masa muciyar.

Sai kuma masu cewa nasu ne suka fara zuwa. Na farko wani dogo ne mai rawani, ya ce daga wajen Sabon Birni yake. A gaban mai unguwa ya kwatanta lalas ɗin cinya daidai, ya faɗi tsagar kunnen hagu, ya faɗi farin tabon ƙafa. Abdulgani har ya fara murna. Firdausi ce ta aiko a kira shi, ta raɗa masa ta bayan ƙyaure, murya ƙasa-ƙasa don kunya, cewa duk abin da mutumin ya faɗa yana cikin bidiyonta. Ita da kanta ta zagaya dabbar ta nuna wa duniya kowace shaida.

Mai unguwa ya ce to dogo ya kawo mutum biyu da suka san shi da raƙumin, da takarda daga sarkin zangon garinsu, mai kula da fatake. Dogo ya ce zai je ya dawo. Ba a sake ganinsa ba. Bayansa wani ya zo, shi ma da bayanin bidiyo a bakinsa, har da kukan ƙarya.

A ranar nan mai unguwa ya kira Abdulgani gefe. Ya ce shi ya gaji. Miji ya sa an ce sun sayi raƙumi, mata ta sa an ce suna rabon raƙumi. Su je su daidaita bakinsu, ko su bar wayar nan su jira ikon Allah.

Bayan la'asar suka zauna a inuwar ɗaki, tabarma ɗaya, kowa da wayarsa, kowa fuska a ɗaure. Daga bayan gida raƙumi na ta gurnani.

"Ni dai nawa gaskiya nib faɗi," in ji Abdulgani.

"Ka hwaɗe ta inda ba mai gani."

"Ke kuma kin sa ƙarya inda kowa ka gani."

"Ba ƙarya ta ba. Ya ishe mu ko bai ishe mu ba?"

Wannan kam ba ta da musu.

Ta ja numfashi. Ta ce su bar zancen wa ya fi laifi. Mutum ɗaya suke nema a duk duniya, mai raƙumi, ko wanda ya san shi. Ba su bukatar barka, ba su bukatar mahauta. Mene ne wannan mutum ɗaya zai gani ya tsayar da yatsa?

Abdulgani ya yi tunani. "Cigiya," ya ce. "In mai shela ya hito kasuwa, da ita shika farawa. Duk wanda ya yi ɓatan wani abu, kunnenai na nan."

Ta dube shi. Ba ta so ta yarda da sauri, amma kalmar ta zauna. Ta rubuta ta da manyan baƙaƙe. Ya ce a sa "muna sanar da jama'a cewa". Ta ce wannan kalma biyar ce da ba ta ɗauke da komai. Ya ce a sa "wani raƙumi". Ta ce a cire "wani". Ta so ta sa "ja, amale, mai lalas", ya ce ta riga ta yi wannan ɓarnar sau ɗaya, kada ta ƙara. Ta bar su. Ya ce lallai sunan gari ya fito a sama, don mai nema ya san ko ta nan dabbarsa za ta iya biyowa. Ta ce lambar waya fa? Ya ce ba tata ba, ba tasa ba, a tura kowa wurin mai unguwa, mai ƙarya ba ya son zuwa can.

Suka zo kan sallama, gardama ta dawo sabuwa. Ya ce ya yarda a cire iyaye da malamai daga sama, amma ba zai fara magana da Musulmi ba sallama ba. Ta ce sallamar za ta cinye rabin layin farko. Ya ce ta cinye. Ta ce to ya yi Bisimillarsa da baki lokacin da zai tura, sallama da gaisuwa kuma a sa su cikakku a ƙasa, ba wanda ya hana. Ya ce sallama a ƙarshen magana ai ta bankwana ce. Suka yi ta ja har tumaki suka dawo daga kiwo. A ƙarshe ya sakar mata, ba don ta rinjaye shi ba, sai don ya tuna fuskar babban 'yan sa-kai.

Abin da suka tsayar shi ne:

"CIGIYA: An tsinci raƙumi a Isa. Mai shi ya zo wurin mai unguwa Ɗanmusa da shaidu."

A ƙarƙashinsa, ba tare da barin fili ba, Abdulgani ya yi sallamarsa, ya gai da iyaye da malamai, ya yi bayanin ranar da aka tsince shi. Hoton kuwa kan raƙumin kawai suka ɗauka daga dama, ba cinya, ba mutum a gefe.

Firdausi ta ce kada a tura zaure tukuna. Ta sa shi a shafinta yadda ita kaɗai za ta gani, ta duba inda aka yanke. A wayarta duka jimlolin biyu sun fito. Ta shiga da sunanta a wayarsa, wadda ya ƙara wa girman rubutu saboda idonsa, sai ga shi an yanke a "mai unguwa". Ya ce a rage. Ta ce a bar shi, ko an yanke a nan, cigiya ta fito, raƙumi ya fito, Isa ta fito.

Saura goge na baya. Ya ce ai ana iya gyara tsohon rubutun, ba sai an goge ba. Ta ce ana iyawa, amma wanda ya riga ya yi barka ya wuce ba zai dawo ya ga gyara ba, hoton farar shadda kuma yana nan yana faɗin abin da yake faɗa. Ta goge bidiyonta a gabansa, ko da yake ta san waɗanda suka sauke shi a wayoyinsu ba ta da iko da su. Shi kuwa ya daɗe yana kallon tarin addu'o'in da aka yi masa. Ya karanta wasu a bayyane. Sannan ya rufe ido ya goge.

Suka tura sabon, suka roƙi mai kula da zauren ya maƙala shi a sama. Mutane kaɗan ne suka taɓa shi. Ba barka, ba amin. Abdulgani ya yi ta leƙawa yana tsaki, yana cewa wannan ko kallo bai samu ba.

Ba a rufa mako ba wata mata ta yi sharhi a ƙarƙashinsa, ta ce sunanta Zulaiha, daga Sabon Birni, raƙumin babanta ya ɓace, a taimaka mata da lambar mai unguwa.

Baban nata, Labbo, tsoho ne ɗan fatauci, mai ɗauko kanwa da dabino daga cikin Nijar. Ya iso Isa a bayan babur, da mutum biyu, da takardar sarkin zango. Zulaiha ma ta biyo su a mota, ta shiga wurin Firdausi. Mai unguwa ya ce Labbo ya faɗi shaidar da ba a gani daga waje. Labbo ya ce a buɗe bakin raƙumin, haƙorin ƙasa na gefen dama a karye yake, kuma akwai tsohon tabon ƙuna a ƙarƙashin ƙirji, inda sai ya miƙe tsaye mutum ya durƙusa zai gani. Aka duba, haka ne. Ko ba wannan ma, tun da tsohon ya yi wani ɗan sauti da harshe daga bakin danga, amalen da ya hana unguwa sakat ya taho ya ɗora masa kai a kafaɗa.

Labbo ya ce suna tafe ne da ayari aka yi harbi a daji, dabbobi suka watse, kowa ya yi ta kansa. Ya nema har ya fid da rai.

A cikin gida Zulaiha na shan fura tana ba Firdausi labari. Ta ce ita kusan kullum ba ta da data, Fesbuk na kyauta take shiga, wanda ba ya nuna hoto, sai rubutu kawai.

"Ai na ga na mijinki tun kwanaki," ta ce. "Hoton bai buɗe ba. Na ga Bisimilla, na ga gaisuwa ga iyaye, ban ko kai ƙarshen layin ba. Na aza wa'azi na. Har amin na rubuta."

Firdausi ta ajiye ludayi. "Kin rubuta amin?"

"Wallahi. Baba na ɗaki ba shi ko cin abinci don baƙin ciki, ni ko ina rubuta amin bisa raƙuminai."

Firdausi ta rasa ko dariya za ta yi ko kuka. Ta leƙa bayan gida ta dubi bishiyoyinta, sun koma sanduna tsaye.

Ta ɗauka shi ke nan, yau za ta yi barci ba ruri. Har ta ɗauko tsintsiya. Sai ga Abdulgani ya shigo yana sosa ƙeya. Ya ce Baba Labbo na neman alfarma. Hanyar Sabon Birni ba ta biyuwa ga mutum ɗaya da raƙumi a yanzu, sai an taru. Akwai fataken da za su tashi bayan kasuwa mai zuwa, zai bi su. Kafin nan, tunda dabbar ta saba da gidan...

"Kac ce mishi mi?" in ji Firdausi.

"Tsoho na, Firdausi. Gaban mai unguwa ya roƙa."

"Malam. Kac ce mishi mi?"

"Na ce ba komi."

Ta tsaya da tsintsiya a hannu. Zulaiha ta sunkuyar da kai cikin kwanon fura. Firdausi ta fita bayan gida, ta kwashe tabarmin shanya, ta kwashe igiyar wanki da duk abin da ke kanta, ta ja buhun dusa ta kai ɗakinta ta rufe. Sannan ta dawo ta gaya wa mijinta cewa daga yau har ranar kasuwa, ci da sha da kashin wannan dabba nasa ne shi da Baba Labbo, ita ko kallonsa ba za ta yi ba.

Ta kalle shi kuwa, don ranar da fataken suka zo tafiya raƙumin ya gurfana a ƙofar gida ya ƙi tashi. Labbo ya yi sautin harshensa, ya ja akala, ya lallashe shi, a banza. Maza huɗu suka taru suna turawa. Da ta ga rana na yi, kuma fatake na shirin tafiya su bar shi, Firdausi ta shiga ɗaki ta ɗauko leda guda ta busasshen zogale daga cikin wanda ta ƙulla wa Hajiyar Sakkwato. Ta farke ta, ta miƙa wa Labbo, ta ce ya riƙe a gaban hancinsa ya yi gaba.

Raƙumin ya miƙe, ƙafafun baya tukuna, sannan na gaba. Ya bi tsohon har suka sha kwanar masallaci.